Mai Talla, Kada Yawan 'Yan Kallo Ya Ruɗe Ka

Duk wanda ya saba kallon fina-finai ko wa'azi ko labarai a YouTube ya san wannan al'amari: kafin abin da ya zo kallo ya fara, sai wani talla ya tare masa hanya, shi kuwa ya ɗora babban yatsansa a gefen dama na ƙasan allo yana jiran sakan biyar su cika, domin maɓallin nan mai rubutun Skip ya fito ya tsallake. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu da suka fara zuba kuɗi a wannan irin talla suna ɗaukar wannan maɓalli a matsayin abokin gaba, suna kuma auna nasarar tallansu da yawan mutanen da suka haƙura ba su danna shi ba. A ganina wannan kuskure ne mai cin dukiya. Maɓallin tsallakewa yana yi wa mai talla aikin rairaya, kuma adadin 'yan kallo da ake nuna masa a rahoto bai isa shaida cewa tallan ya sayar da ko da allura ba.

Bari mu fara da yadda cinikin yake. Kamfanin Google, wanda ya sayi YouTube a shekarar 2006, ya fito da tallan da ake iya tsallakewa a ƙarshen shekarar 2010 da sunan TrueView. Ƙa'idarsa ita ce, tilas mai kallo ya ga sakan biyar na farko, daga nan kuma ya zaɓa. Idan mai talla ya zaɓi tsarin biya a kan kowane kallo, ba a cajinsa sai mutum ya kalli sakan 30, ko ya kai ƙarshen tallan idan bai kai tsawon sakan 30 ba, ko kuwa ya danna wani abu a cikinsa. Wanda ya tsallake a sakan na shida bai shiga lissafin ba. Watau ke nan akwai sakan biyar da kowane mutum zai gani, ko yana so ko ba ya so, sauran kuwa sai wanda ya ga dama.

To, a nan ne mafi yawan tallace-tallacenmu suke faɗuwa. Mun gaji tsarin talla daga rediyo da talabijin, inda mai sauraro ba shi da hanyar gudu, saboda haka ake farawa da kiɗa, a kawo tambarin kamfanin da ya shirya bidiyon yana jujjuyawa, a yi doguwar gaisuwa, a shiga ɗan wasan kwaikwayo, sai can kusa da ƙarshe a ambaci sunan kaya da inda ake samunsu. Gaisuwa ladabi ce, ba wanda ya musa, amma wanda aka ba sakan biyar ya ƙarar da su wajen tambayar gajiya da iyali, zai ɗaga kai ya tarar mai gidan ya shige ciki. Mutanen da suka tsallake irin wannan talla sun tafi ba su san ko atamfa ake sayarwa ko takin zamani ba.

ABIN DA YA KAMATA SAKAN BIYAR SU ƊAUKA

Abubuwa uku ne nake ganin tilas su bayyana kafin maɓallin ya fito: mene ne kayan, na wane ne, kuma wa ake kira. Kayan su fito a hoton farko, kusa-kusa, domin galibin masu kallo a wayar hannu suke, inda abin da aka ɗauka daga nesa yake zama kamar ƙwayar gero. A faɗi sunan da baki, a kuma rubuta shi a jikin allo, domin a dandamali irin su Facebook bidiyo kan fara tafiya ba tare da sauti ba, wanda bai karanta ba kuwa bai ji komai ba. Sa'an nan kada a ajiye farashi ko lambar waya a kusurwar dama ta ƙasa, gama nan ne maɓallin tsallakewa yake zama, zai rufe su.

Na uku, watau wa ake kira, shi ne wanda aka fi mantawa, alhali shi ne yake tsare aljihu. Idan tallan ya buɗe da cewa ga turamen atamfa ga masu haɗa lefe, to, wanda ba shi da biki a gabansa zai tsallake, kuma tafiyarsa alheri ce, tun da ba a biya kuɗin kallonsa ba, ga shi kuma ya tafi da sunan kantin a kunnensa. Wanda ya tsaya kuwa ya tsaya ne domin maganar ta shafe shi. Amma idan aka buɗe da barkwanci da fitaccen ɗan wasa aka ɓoye kayan, kowa zai tsaya, har da yara da waɗanda ba su da niyyar sayen komai, mai talla kuwa ya biya kuɗin dariyarsu ɗaya bayan ɗaya.

Akwai misali sananne daga ƙasar Amurka. A shekarar 2015 kamfanin inshora na Geico ya fitar da jerin tallace-tallace da ya yi wa suna Unskippable. A ɗaya daga cikinsu an nuna iyali zaune a teburin cin abinci, cikin sakan biyar na farko aka gama saƙon, sunan kamfanin ya fito ƙato a tsakiyar allo, murya ta shaida wa mai kallo cewa ba zai iya tsallake tallan ba domin ya riga ya ƙare. Daga nan mutanen gidan suka sandare kamar hoto, sai karen gidan ya hau teburin ya shiga cinye abincin da ke cikin farantansu, sunan kamfanin kuwa yana nan bai gusa ba. Wanda ya tsallake ya tafi da saƙo, wanda ya tsaya kallon kare ya ci gaba da kallon sunan. Wannan talla ya ci babbar kyautar sashen fim a bikin masu talla na birnin Cannes a ƙasar Faransa a wannan shekarar. Darasin da ke ciki shi ne jerin abubuwan: saƙo a gaba, nishaɗi a baya.

Na san akwai masu cewa wannan tsari yana kashe labari, kuma tallan da ya faɗa wa mutum da farashi tun kafin ya zauna yana gundurarsa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya ga babban kamfanin da kowa ya riga ya san sunansa da launin kwalinsa, wanda burinsa kawai a ci gaba da ƙaunarsa. Amma ɗan kasuwar da ba a san shi ba bayan layin kantinsa ba shi da wannan gata. Kuma sa suna a farko bai hana labari ba, sai dai ya tilasta a gina labarin a kan kayan, maimakon a liƙa kayan a wutsiyar labarin.

LISSAFIN TALLA BIYU

Domin maganar ta fito fili, bari mu ƙaddara wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke Kano, mu yi lissafi da alƙaluman misali. Ya shirya talla iri biyu, kowanne tsawon sakan 45, ya kuma ware wa kowanne N200,000. Na farko wasan barkwanci ne, ba a ambaci sunan kantin ba sai a sakan na 40. Na biyu ya buɗe da turmin atamfa a hannu, da sunan kantin, da kiran masu haɗa lefe da masu ɗinkin Salla.

Bayan makonni huɗu rahoto ya fito. An nuna kowane talla sau 100,000. Na farko ya sami kallo 40,000, watau kashi 40 cikin 100, kowane kallo ya tashi a kan N5. Na biyu ya sami kallo 20,000 kacal, kashi 20 cikin 100, kowane kallo a kan N10. Wannan kaso, wanda ake samu ta raba yawan kallo da yawan nunawa, shi ne ake kira View rate. Duk wanda ya tsaya a nan zai ce na farko ya ninka na biyu kyau kuma ya fi shi araha, kuma haka wanda ya karɓi kwangilar tallan zai faɗa, domin alƙalamin yana daɗin nunawa.

Mai karatu zai lura cewa farashin kallo ya hau a talla na biyu. Haka abin yake a zahiri, domin gurbin talla gwanjonsa ake yi, kuma dandamalin yana duba abin da zai samu a kan kowace nunawa, saboda haka tallan da mutane suka fi tsallakewa yakan biya fiye a kan kowane kallo kafin ya ci gwanjon. Wanda ya ce sakan biyar na farko kyauta ne ɗungurungum ya yi ƙari. Abin da yake tabbas shi ne, an riga an saye su cikin kuɗin, asara ce a bar su fayau.

Yanzu mu duba wani sashe na rahoton da ba a cika buɗewa ba, wanda yake nuna mutum nawa suka kai rubu'in bidiyon, da rabinsa, da kashi uku cikin huɗu, da ƙarshensa. A talla na farko, waɗanda suka kai ƙarshe 25,000 ne. Tun da sunan kantin yana sakan na 40, kusan su kaɗai ne suka ji shi. Akwai wasu dubbai da suka wuce sakan 30, aka biya kuɗin kallonsu, suka tafi kafin a faɗi sunan. A talla na biyu kuwa, sunan ya fito a dukan nunawa 100,000. Da kuɗi iri ɗaya, ɗaya ya kai sunan kantin gaban jama'a sau huɗu fiye da ɗaya.

Saura ciniki. Cinikin irin wannan ɗan kasuwa ba a shafin intanet yake ƙarewa ba, a waya ne ko a WhatsApp ko a bakin kanti, inda na'urar Google ba ta gani. Maganin wannan mai sauƙi ne: a sa wa kowane talla lambar wayarsa daban, ko a ba kowanne wata kalma da mai saye zai ambata a rage masa wani abu, yaron kanti kuma ya riƙa rubutawa a littafi. Mu ce littafin ya nuna talla na farko ya kawo masu saye 50, na biyu ya kawo 80. Kowane mai saye ya tashi a kan N4,000 a na farko, a kan N2,500 a na biyu. Tallan da rahoto ya yaba shi ne ya zama taron tsintsiya ba shara.

KALLO SUNA NE DA KOWA YAKE BA SHI MA'ANARSA

Wani abin da ya kamata mai talla ya sani shi ne, kalmar kallo ba mudu ɗaya ba ce a kowace kasuwa. A tallan YouTube da ake tsallakewa sakan 30 ne ko ƙarshen bidiyo. A Facebook akwai ma'aunin sakan uku, akwai kuma wanda suke kira ThruPlay, watau sakan 15 ko ƙarshen bidiyon idan bai kai haka ba. Hukumar tantance ma'aunan kafofin watsa labarai ta Amurka kuwa, tun shekarar 2014 ta tsayar cewa ana ɗaukar tallan bidiyo ya ganu idan rabin hotonsa ya bayyana a allo na sakan biyu a jere. Wanda ya jera waɗannan alƙaluma a layi ɗaya ya ce kallo a wuri kaza ya fi araha, ya gwada tiya da gwangwanin madara ne. Ko a cikin YouTube ɗin ma, tallan sakan 15 zai fi na sakan 45 yawan kaso, domin shi da an kai ƙarshensa an ƙirga, saboda haka ba a gwada kason talla biyu sai tsawonsu ɗaya ne kuma jama'a iri ɗaya aka nuna wa.

Haka kuma ya kamata a tuna cewa mai sayar da gurbin talla shi ne yake riƙe da mudun. A watan Satumba na shekarar 2016 kamfanin Facebook ya amsa cewa ya shafe kimanin shekara biyu yana kuskure wajen lissafin matsakaicin lokacin da mutane suke kallon bidiyo. Yana tara dukan lokacin da aka kalla, amma sai ya raba shi da yawan waɗanda suka kai sakan uku kaɗai, ya bar sauran a waje. Alal misali, idan mutum goma suka ga bidiyo, shida suka wuce bayan sakan ɗaya, huɗu suka kalli sakan goma-goma, jimla sakan 46 ke nan. A raba da goma a sami ƙasa da sakan biyar, a raba da huɗu a sami fiye da sha ɗaya. Masu talla sun kai ƙara, a shekarar 2019 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 40 domin a sasanta, ba tare da ya amsa laifi ba. Ban kawo wannan domin a ce rahotannin ƙarya ne ba, sai domin mai talla ya riƙa tambayar da me aka raba, kafin ya yi murna da sakamako.

CINIKIN DA TALLA YAKE CEWA SHI YA KAWO

Akwai wani ma'auni kuma da ya fi wannan santsi, ga waɗanda suke sayarwa a shafin intanet. Idan aka nuna wa mutum talla, bai danna ba, amma daga baya ya je shafin ya yi sayayya, rahoto yakan rubuta wannan ciniki a ƙarƙashin View-through conversions, watau cinikin da ya biyo bayan gani. A Google Ads wa'adin kwana ɗaya ne idan ba a taɓa shi ba, amma ana iya tsawaita shi har kwana 30. Tunanin da ke bayansa daidai ne, domin ba kowa ne yake barin fim ɗinsa ya tafi kasuwa nan take ba. Matsalar ita ce, zuwan abu bayan wani abu bai nuna shi ya haifar da shi ba. Zakara yana cara kafin alfijir, amma ba shi yake fito da rana ba.

Ana gane wannan cuta da alamu biyu. Ta farko, idan aka tsawaita wa'adin sai a ga ciniki ya ƙaru a rahoto alhali kuɗin da ke cikin asusu bai motsa ba. Ta biyu, idan mafi yawan tallan ana nuna shi ne ga mutanen da suka riga suka ziyarci shafin ko suka taɓa saye. Waɗannan da ma suna kan hanyar zuwa, tallan ya tare su ne a ƙofa ya rubuta sunansu a littafinsa.

Hanya guda ce ta warware wannan, watau a bar wasu mutane ba a nuna masu tallan ba, domin a ga abin da zai faru ba tare da shi ba. Manyan kamfanoni suna yin haka da kayan gwaji na dandamalin, amma ƙaramin ɗan kasuwa ma yana iya yi da garuruwa. Mu koma ga mai atamfarmu. Mu ce yana aika kaya Katsina da Gusau, kuma a wata guda kowane gari yakan sayi turmi 200. Sai ya nuna talla na biyu a Katsina kaɗai, ya bar Gusau. A ƙarshen wata Katsina ta sayi 280, ƙarin 80 ke nan, daidai da abin da littafin yaron kanti ya nuna. Amma Gusau, inda ba a nuna komai ba, ita ma ta tashi zuwa 240, domin Salla ta matso. Ashe rabin ƙarin na Salla ne, waɗansu masu ambaton kalmar ragi da ma za su saya. Abin da tallan ya kawo da ƙarfinsa turmi 40 ne, kowanne a kan N5,000.

Idan ribar turmi N4,000 ce, lissafin farko ya ce yana cin N1,500 a kan kowane turmi, na biyu kuwa ya ce yana asarar N1,000. Wanda bai yi gwajin ba zai ninka kuɗin talla a wata mai zuwa, ya ninka asarar. Wanda ya yi zai taƙaita jama'ar da ake nuna wa, ya cire tsofaffin abokan cinikinsa daga ciki, ya kuma duba littafinsa ya ga ko sababbin masu sayen nan 40 suna dawowa, domin idan suna dawowa karo na biyu da na uku, asarar ta koma riba. Gwajin yana da iyakarsa: tilas garuruwan su yi kama da juna a ciniki, a ba shi makonni, kuma idan kayan da ake sayarwa a wata ba su wuce goma ko ashirin ba, bambancin zai iya zama sa'a kawai. Duk da haka ya fi cinikin biri a sama.

Saboda haka kirana ga 'yan kasuwa shi ne, kada su sa hannu a kwangilar da aka yi masu alkawarin kallo dubu kaza a cikinta, gama kallo abu ne mai sauƙin tarawa ga wanda ya san inda yake da araha. Su nemi a nuna masu sakan biyar na farko su kaɗai, a kashe sauti, su ba wani wanda bai san kantin ba ya kalla, sa'an nan su tambaye shi me ake sayarwa kuma wa yake sayarwa. Idan ya kasa amsawa, a koma a sake yanka bidiyon kafin a kashe ko kwabo. Su nemi rahoton rubu'i-rubu'i, su ware lambar waya ga kowane talla, su kuma bar gari ɗaya babu talla. Masu shirya bidiyo da masu karɓar kwangilar talla kuwa, ya kamata su riƙa kawo waɗannan alƙaluma da kansu tun kafin a tambaye su, domin ɗan kasuwar da ya gano da kansa cewa 'yan kallo ya saya ba masu saye ba, ba zai sake dawowa ba, kuma zai faɗa wa maƙwabtansa na layi.